Farashin gwal da kake gani a waya na oza ne, ga yadda ake maido shi giram

Satin da ya wuce bayan la'asar ɗan gwaggona ya same ni a gida nan Ƙofar Kaura ransa a ɓace, waya a hannu, yace Yaya duba min wannan dan Allah, mutanen nan so suke su cinye ma Gwaggo sama da miliyan ɗaya. Abin da ya faru shi ne Gwaggo zata saida sarƙarta da 'yan kunne na gwal, saitin da ta daɗe da ajiyewa, saboda tana son ta ƙarasa ginin da ta fara. Sun je kasuwa wajen wani mai saye, an ɗora a sikeli, ya faɗa masu kuɗi, shi kuma yaron tun a gida ya riga ya buga nashi lissafin da farashin da ya gani a waya, to da aka faɗi kuɗin sai yaga abin bai ko kusa da nashi ba, ya ja Gwaggo suka taho. Na karɓi wayar na duba lissafin. Farashin da ya ɗauko daidai ne, ba ƙarya a ciki, amma a hanyar maido shi giram ya yi kuskure uku, kuma irin kuskuren da kusan kowa ke yi ne in dai ba'a taɓa zaunar da shi an nuna masa ba. Shi yasa nace bari in rubuta yadda abin yake.

Lambobin da zan yi amfani da su na misali ne, na gyara su don lissafi ya zo da sauƙi, kar wani ya ɗauka farashin yau ne ya tafi kasuwa da su. Gwal yana motsi kullum. A watan Agusta na 2020 ne oza ta fara haye dala 2,000, a Maris na 2025 ta haye 3,000, kafin watan Oktoba na 2025 ɗin ya ƙare ta haye 4,000. Kaga kenan lambar da ka haddace bara bata da amfani bana, hanyar lissafin ce kawai bata canjawa.

In ka buɗe shafin farashi a waya, abin da zaka gani kusan haka yake:

```
XAU/USD
Bid 4,043.10   Ask 4,043.70
+12.50 (+0.31%)
```

`XAU` shi ne lambar sunan gwal a kasuwar duniya, kamar yadda `USD` yake na dalar Amurka, `NGN` na naira. Azurfa kuma `XAG` ce, in ka ga lamba ƙarama sosai ka duba da kyau ko shafin azurfa ka buɗe. Ma'anar layin farko kenan: oza ɗaya ta gwal, dala nawa. Lambobi biyun da ke ƙasa kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan canji ya san su, akwai kuɗin da zasu saya a hannunka akwai wanda zasu saida maka. `Bid` shi ne na saye daga hannunka, `Ask` na saida maka, kuma kullum na biyun ya ɗan fi. A nan bambancin bai kai dala ɗaya a oza ba, in ka raba shi giram giram bai kai naira talatin ba, don haka ga mai sarƙa ba abin damuwa bane, amma in kana son ka bi ƙa'ida, mai saidawa ya ɗauki `Bid`. Layin ƙarshe yana gaya maka nawa ta hau ko ta sauka daga inda aka rufe jiya. Alamar tarawa ta hau, ɗan karan ragi ta sauka, wasu shafukan kore da ja suke sawa. Wannan layin baya shiga lissafinmu sam.

Wani abu ƙarami amma yana rikita mutane, musamman 'yan uwanmu na wajen Daura da Mai'adua masu hulɗa da mutanen Nijar. A rubutunmu waƙafi yana raba dubbai, ɗigo yana raba ɓarin kuɗi, 4,043.10 kenan dala dubu huɗu da arba'in da uku da santi goma. A tsarin Faransanci kuma waƙafin ne ke raba ɓarin, zaka ga an rubuta 4 043,10. Lamba ɗaya ce. Sannan shafin da aka saita don can yana iya nuna maka `XAU/EUR`, wato da yuro, in ka ɗauki wannan ka ninka da canjin dala ka tafi wani gari daban.

To mi ake nufi da kalmar `Spot` da suke rubutawa a saman shafin? Farashin nan take ne, na cinikin da aka ƙulla yanzu za'a biya a miƙa kaya cikin kwana biyu na aiki. Kuma ba farashin sarƙa bane ko zobe, farashin manyan sandunan gwal ne da bankuna da manyan 'yan kasuwa ke cinikinsu a Landan, sanda ɗaya tana kai wajen oza 400, kilo goma sha biyu da ɗoriya kenan, tsarkinta bai gaza 995 cikin dubu ba, kuma tsantsar gwal ɗin da ke cikin sandar ake biya. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen kuskure na biyu da yaron nan yayi. Akwai kuma wata lamba da wasu shafukan ke sawa gaba, zaka ga `Futures` ko `GC`, wannan na kasuwar New York ne, cinikin da za'a cika a wani wata mai zuwa, yawanci ya kan ɗan ɗara na nan take. Ba shi muke nema ba, a tsallake shi.

Sai maganar oza, kuma a nan nake son in daɗe.

Oza iri biyu ce. Akwai ozar da ake auna kayan abinci da ita, irin wadda zaka ga an rubuta `oz` a jikin gwangwanin da aka shigo da shi daga Amurka, nauyinta giram 28.35. Akwai kuma ozar gwal da azurfa, wadda ake rubutawa `troy oz` ko `ozt`, ita nauyinta giram 31.1035, in kana son cikakkiyar lambar 31.1034768 ce. Ana danganta sunan da garin Troyes na Faransa inda ake manyan kasuwanni tun zamanin da. Matsalar ita ce shafukan farashi da yawa basa wahalar da kansu su rubuta cikakken sunan, `oz` kawai zasu sa don a wajensu kowa ya san gwal da ozar gwal ake auna shi, kai kuma sai ka je ka tambayi waya oza giram nawa ce, ta baka 28.35 tunda ita ce ozar yau da kullum, kuma bata yi maka ƙarya ba, kai ne baka faɗa mata wace oza ba. Abin da ya faru da ɗan Gwaggo kenan. Ya raba 4,043.10 da 28.35 ya samu dala 142.61 a giram. Da ya raba da 31.1035 da dala 129.99 zai samu, mu ce 130. Bambancin ya kusa kashi goma cikin ɗari, kuma kullum ta gefe ɗaya yake faɗuwa, yana sa gwal ya yi maka tsada fiye da yadda yake. Mai saidawa zai ga kamar an danne shi. Mai saye kuma, wanda shi ne abin ya fi ban tsoro a kansa, zai ga kamar ya samu araha alhali an ɗora masa, saboda duk farashin da aka faɗa masa ƙasa da 142 zai ɗauka garaɓasa ce.

Matakin farko kenan:

```
4043.10 ÷ 31.1035 = 129.99
```

Wasu sun fi son ninkawa, suna ninka farashin oza da 0.03215, abu ɗaya ne, domin kilo ɗaya oza 32.15 ne. Na kan ga kuma masu cewa a raba da 31 kawai a huta. In kana tsaye ne kana son ka ƙiyasta da ka, ba laifi. Amma in kuɗi za'a ƙirga ni ban yarda da shi ba, don a misalin nan yana ƙara kusan naira 650 a kowane giram, a giram ɗari dubu sittin da biyar kenan, kuma buga 31.1035 a kalkuleta bai fi daƙiƙa biyu ba.

Mataki na biyu maido dala naira. A nan lissafi bashi da wuya, zaɓen canjin ne ke kawo gardama. Akwai farashin da Babban Banki ke wallafawa, akwai wanda 'yan canji ke yi a kasuwa, wani lokaci su matso kusa da juna wani lokaci su yi nisa, kafin watan Yuni na 2023 kowa ya tuna irin tazarar da ke tsakani. Mai shagon gwal da dalar da zai iya samu a hannu yake lissafi, don in zai sake sayo kaya daga Dubai ko Saudiyya da ita zai saya, saboda haka in kana son lissafinka ya yi kusa da nashi ka kira ɗan canjin da ka sani ka tambaye shi yau nawa. Shafukan da ke nuna maka gwal kai tsaye da naira suna da amfani, amma baka san wane canji suka sa a ciki ba, gara ka ɗauko da dala ka juya da kanka. Mu ɗauka dala naira 1,500 ce:

```
130 × 1500 = 195,000
```

Naira dubu ɗari da casa'in da biyar kenan giram ɗaya na tsantsar gwal, wanda ake ce ma karat 24.

Daga nan zaka iya gane wani abu da ke ɗaure ma mutane kai, yadda za'a ce a labarai gwal ya faɗi a duniya amma ka je kasuwa ka tarar ya ƙara kuɗi. A lambobin nan namu, in oza ta sauka da dala goma, abin da ya ragu a giram bai wuce naira 480 da 'yan kai ba. Amma in dala ta ƙara naira goma kacal, giram ya ƙara naira 1,300. Wato sai oza ta sauka da kusan dala 27 kafin ta goge ƙarin naira goma a canji. Ƙafa biyu farashinmu ke tafiya a kai, ta Landan da ta 'yan canji, kuma wata rana ta biyun ce ke jan ragamar.

Mataki na uku shi ne karat, kuma shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi a lissafin yaron. Tsantsar gwal yana da laushi, in aka ƙera sarƙa da shi zalla zata riƙa lanƙwashewa tana karcewa, shi yasa maƙera ke haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa ya yi ƙarfi. Karat yana gaya maka kashi nawa ne gwal cikin kashi 24. Karat 21 kashi 21 gwal, kashi 3 haɗi. Karat 18 kashi 18 gwal, 6 haɗi, rubu'in nauyin kenan ba gwal bane. In ka juya sarƙa ka duba wajen maɗaurin, ko cikin zobe, zaka ga ɗan hatimi ƙarami, wani lokaci sai da gilashi. Ko a rubuta `21K` ko a rubuta `875`, abu ɗaya ne, 21 a raba da 24 shi ne 0.875. Na 22 zaka ga `916`, na 18 kuma `750`. In ka ga `GP` ko `GF` a gefen lambar to wannan ruwan gwal ne ko rufi aka yi ma wani ƙarfe, baya cikin wannan lissafin gaba ɗaya.

Saitin Gwaggo 875 ne a jiki, irin na Saudiyya. Don haka:

```
195,000 × 0.875 = 170,625
```

Da na 18 ne da 146,250 zai zama, na 22 kuma 178,750. Dubi tazarar da ke tsakanin na 18 da na 21, ta haura dubu ashirin da huɗu a giram ɗaya, shi yasa in mai saye ya goga kayanki a dutse ya ɗiga ruwan gwaji yace Hajiya wannan ai 18 ne alhali hatimi yace 21, kar ki yi fushi kuma kar ki yarda nan take, ki karɓi kayanki ki kai wani waje a sake gwadawa, in da hali inda suke da na'ura. Hatimi yana iya yin ƙarya, ana bugawa a kan abin da bai kai ba. Gwajin dutse shima saman kaya kawai yake gani kuma ya dogara da idon mai yi. In biyu suka saɓa sai an samu na uku.

Kuskure na uku ƙarami ne a ido. Saitin ya hau sikeli giram 24.6, yaron ya ninka da 24.6 ɗin gaba ɗaya. Amma akwai 'yan duwatsu farare a jikin abin wuyan da 'yan kunnen, masu ƙyalli, kuma mai saye baya biyan kuɗin gwal a kan dutse tunda in aka narka ba abin da zai fito daga cikinsu. Ya cire giram 0.6, saura 24 cif. Wannan cirewar halal ce in an yi ta a gabanka, abin da ban so shi ne a ƙiyasta da ido a ce a cire giram biyu ba tare da an auna ba. In duwatsun na iya fita a cire su a ɗora a sikeli kowa ya gani. Kuma a nan akwai darasi ga mai saye sabo, ranar da ka saya da duwatsun aka auna maka ka biya su kuɗin gwal, ranar saidawa kuma a cire su.

Mu haɗa duka. Giram 24 na karat 21, in ka ninka da 0.875, tsantsar gwal ɗin da ke ciki giram 21 ne daidai. Giram 21 sau 195,000 ya bada naira 4,095,000. Wannan shi ne darajar gwal ɗin da ke cikin saitin a farashin duniya na wannan lokacin. Mai sayen ya yi tayin 160,000 a giram, sau 24, naira 3,840,000. Shi kuma ɗan Gwaggo lissafinsa ya kai 5,262,000 da 'yan kai, shi yasa yaga giɓin miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da ashirin da biyu ya ɗauka duk cuta ce.

Na zauna na rarraba masa giɓin a takarda. Wajen dubu 465 daga ozar abinci da yayi amfani da ita suka fito, kuɗin da babu su a duniya tun farko. Kusan dubu 600 daga karat ne, ya ƙirga jan ƙarfen da ke cikin sarƙar a matsayin gwal. Dubu 102 kuɗin duwatsu. Abin da ya rage, naira dubu 255, shi kaɗai ne ainihin abin da mai sayen ya rage daga farashin duniya, kuma shi kaɗai ne abin da za'a iya zama a yi ciniki a kai. Yayi shiru yana kallon takardar, can yace to Yaya shi wannan dubu ɗari biyu da hamsin da biyar ɗin fa, na mi ne?

Tambaya ce mai kyau. Farashin nan take na sandar da aka riga aka tace, aka tabbatar, tana ajiye a rumbun banki a Landan ne. Sarƙar Gwaggo tana Katsina. Kafin ta zama irin waccan sai an gwada, an narka, a narkawa akan yi asarar ɗan abu, wuraren da aka yi walda a jikin sarƙa sau da yawa basu kai karat ɗin sauran jikin ba, sai an kai ta inda za'a saya da yawa, kuma tsakanin yau da ranar da zai saida farashi na iya sauka ko dala ta karye a kansa. Ga haya, ga yaran shago, ga ribarsa. Don haka ba mai saye da zai baka ɗari bisa ɗari, in ma wani ya baka fiye da farashin duniya a tsohon kaya ni sai in fara zargin sikelinsa. Abin da lissafin ke maka shi ne ya nuna maka nawa aka rage, da lamba, yadda zaka iya kwatanta shago da shago. A nan 160,000 a raba da 170,625 ya bada kusan 0.938, wato yana biyan kashi 93.8 ya riƙe 6.2. Ko wannan yayi yawa ko bai yi ba, kasuwar ranar ce zata faɗa, sai ka taka shago biyu ko uku ka ji. Amma yanzu da bakinka zaka iya cewa Alhaji gwal ɗin da ke ciki dubu ɗari da saba'in ne a giram yau, a ƙara wani abu, shi kuma ya san da wanda ya san kan abin yake magana.

Ana iya bin lissafin ta baya ma, kuma ni na fi son wannan hanyar in ina tsaye a shago, don farashin mai shago ne a hannuna ina son in ga ina ya faɗa:

```
160000 ÷ 0.875 ÷ 1500 × 31.1035 = 3,792
```

Wato kamar yana sayen oza a dala 3,792 ne alhali allo yana cewa 4,043. In ka yi wannan ka ga amsar ta fito wani abu can daban, to ba mai shago bane, wani wuri ka ninka inda ya kamata ka raba. In kuma ta saɓa da abin da kake tsammani da kusan kashi goma cif, fara duba ko 28.35 ta sake shigowa.

A ɓangaren saye sabo lissafin ɗaya ne, sai dai giɓin ta sama yake. In aka ce maka sabon na 21 dubu 190 ne giram a ranar da gwal ɗin cikinsa yake 170,625, to dubu goma sha tara da ɗari uku da saba'in da biyar ɗin nan kuɗin aiki ne da jigila da riba, kashi goma sha ɗaya da ɗoriya. Kuɗin aikin nan baya dawowa ranar saidawa. Shi yasa wadda ta saya yau ta maida gobe zata ga ta yi asara ta gefe biyu, kuma shi yasa in don ajiya kike saye ba don kwalliyar biki ba, abu mai sauƙin ƙira mara duwatsu ya fi, awarwaro lafiyayye ya fi sarƙa mai ado da yawa.

Masu zuwa Umara da Hajji ku ma abin ya shafe ku, kuma naku ya fi sauƙi don riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, dirhamin Dubai kuma 3.6725. Dala 130 sau 3.75 riyal 487.5 kenan giram na 24, na 21 kuma wajen riyal 426 da rabi. Duk abin da mai shago a Makka ko Madina ya ɗora a kan wannan kuɗin aiki ne da haraji, harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne tun watan Yuli na 2020, don haka ka tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa. In kuma ka ji ana maganar tola, kamar yadda 'yan Indiya da Pakistan ke yi a Dubai, tola ɗaya giram 11.66 ce, ba oza bace ba kuma giram goma ba.

Saura maganar lokaci. Lambar da ke allo tana canjawa kusan kowace daƙiƙa a ranakun aiki, hoton allo da wani ya turo maka jiya da dare ba hujja bace yau da hantsi. Ku buɗe tare da mai shagon a lokacin da ake cinikin, ku duba agogon da ke jikin shafin, wasu na kyauta suna jinkiri da 'yan mintuna. Akwai kuma farashin da ake tsaidawa sau biyu a rana a Landan, zaka ga an rubuta `LBMA Gold Price` da `AM` da `PM`, ƙarfe goma da rabi na safe da ƙarfe uku na rana agogon can. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watannin kuma sha ɗaya da rabi da ƙarfe huɗu kenan a nan. Amfaninsa shi ne baya motsi bayan an tsaida shi, in mutum biyu zasu yi yarjejeniya su ce farashin yammacin ranar kaza, ba gardama. Daga daren Juma'a kuma kasuwar duniya a rufe take har daren Lahadi, lambar da ka gani Asabar da Lahadi ta Juma'a ce a tsaye, ita kuwa dala a hannun 'yan canji bata san hutu ba, don haka mai saye ya kan ƙara ja baya kaɗan a ƙarshen mako tunda bai san inda Litinin zata buɗe ba.

Ranar da suka fara zuwa Asabar ce. Nace ma Gwaggo tunda ba gaggawa ta bari sai Talata, ɗan nata ya buɗe farashi da safe ya kira ɗan canji, ya rubuta lambobi uku a takarda kafin su fita, kuɗin giram na 24, na 21, da jimillar giram 24 ɗin. Sun shiga shago uku. Na farkon da suka baro ya ƙara dubu biyu a giram da aka nuna masa takardar, wani ya tsaya ƙasa da haka yace duwatsun sun fi 0.6, aka ce a cire a auna ya ƙi, suka fito. A na ukun aka auna a gabanta, aka cire duwatsun aka ɗora su daban, sikeli ya nuna 0.6 ɗin dai, ya biya 164,000 a giram, naira 3,936,000, aka tura mata a asusu tana zaune sai da ta ga alat sannan ta miƙa saitin.